Ga Albashi Ga Sana'a: Tambayoyin da Ma'aikatan Kebbi Ke Yi da Amsoshinsu

Na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata, kuma babu tambayar da ta fi zuwa teburina kamar ta sana'ar bayan ofis. Wasu a fili suke yi, wasu sai sun rufe ƙofa sun rage murya. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su yadda nake amsa wa wanda ya zauna a gabana. Na fi daɗewa kan batun noma, domin a Kebbi nan ne mafi yawanmu muke, nan ne kuma ake zamewa ba a sani ba.

Yallaɓai, da gaske ne doka ta hana ma'aikacin gwamnati yin kasuwanci? Ai kowa yana yi.

Da gaske ne, kuma ba wata ƙaramar takardar ofis ba ce ta hana. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ne da kansa, a Jadawali na Biyar, inda aka shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata. Sakin layi na 2 ya ce ma'aikacin da aka ɗauka aiki na cikakken lokaci ba zai gudanar da wani kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta ba, ba zai kuma sa hannu a tafiyar da ita ba. Abu ɗaya aka ware, shi ne noma.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya kan ma'aikatan tarayya kaɗai ba. Kashi na biyu na jadawalin ya lissafa waɗanda ta hau kansu, kuma a ciki akwai ma'aikatan jiha, da na ƙananan hukumomi, da 'yan sanda, da ma'aikatan jami'o'i da kwalejoji mallakar gwamnati. Wato malamin kwalejin kimiyya da fasaha a Birnin Kebbi, da akawun ƙaramar hukuma a Kamba, da ma'aikaciyar jinya a Zuru, duk hula ɗaya aka sa musu.

Maganar cewa kowa yana yi kuwa, ban musa ba. Albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, Kebbi ta sa nata 75,000, kuma duk mai iyali ya san ranar da wannan kuɗin ke ƙarewa a wata. Shi ya sa shugabanni da yawa ke kau da kai. Amma kau da kai ba izini ba ne. Ranar da wani ya rubuta ƙorafi a kanka, takardar doka za a buɗe, ba wanda zai kawo batun tsadar masara.

To idan ina da hannun jari a wani kamfani, ko na ba wani kuɗi yana juya mini?

Wannan ya halatta. Abin da aka hana shi ne gudanarwa, ba mallaka ba. Kotun Ƙoli ta fayyace haka a shari'ar Nwankwo da Nwankwo a 1995: ma'aikaci na iya samun rabo a kasuwanci, abin da ba zai yi ba shi ne ya zama mai tafiyar da shi. Saboda haka in ka sayi hannun jari, ko ka zuba kuɗi a shagon wani ana ba ka riba ƙarshen shekara, ko kana karɓar hayar gidanka, ba ka taka ƙa'idar ba. Amma in kai ne ke sa hannu a cekin kamfani, kai ke ɗaukar yaran shago kana sallamarsu, kai ke yanke farashi ta waya daga ofis, to ko me aka rubuta a takarda, gudanarwa kake yi.

An ce noma ya halatta. Ina iyakar noman?

A nan ne aikin yake. Kundin ya ce noma, bai tsaya ya zayyana abin da ke cikinsa ba. A aikace, abin da ka shuka ka girbe ka sayar noma ne, ko kadada ɗaya ce ko hamsin. Kiwon shanu da tumaki, kiwon kaji da na kifi, galibi duk a nan ake sa su. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, ma'aikata da yawa suka shiga fadama, kuma babu laifi a wannan.

Bari in kawo misali mu bi shi daki-daki. Ba wani mutum takamaimai nake nufi ba, lissafin ma na misali ne, amma duk wanda ya yi aiki a ƙaramar hukuma zai gane hanyar.

A ce Malam Wane malamin gona ne a sashen noma na wata ƙaramar hukuma da ke bakin fadama. Yana da kadada biyu na gado. Ya yi noman rani, ya sami buhu 100 na shanshera, ya ajiye 20 don gida, ya sayar da 80 ga dillalan da ke kai wa manyan injinan gyaran shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi. Har nan tsaf yake. Ko da ya riƙe shinkafarsa wata huɗu sai ta yi tsada ya sayar, amfanin gonarsa ne. Sharaɗi ɗaya, kada gona ta cinye lokacin ofis, kada kuma babur ɗin gwamnati da mansa su koma na kai leburori.

Shekara ta zagayo, ya ga ribar ajiya ta fi ta noma. Sai ya kama ɗakin ajiya, ya riƙa sayen shanshera a hannun manoma lokacin kaka, buhu 300, yana jiran farashi ya tashi. Daga nan ya fita daga noma. Bai shuka ba, bai girbe ba, saye da sayarwa yake yi, wannan kuwa fatauci ne ko da kayan gona ne. Haka wanda ke sayen albasa a Aliero yana lodi zuwa kudu, ko mai sayen kifi a Yauri yana aikawa, ko wanda ya kafa injin casa yana yi wa jama'a aiki a biya shi.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan nauyi, wanda shi kansa Malam Wane bai lura da shi ba. Manoman da yake saye a hannunsu su ne waɗanda yake rubuta sunayensu idan taki mai rangwame ya zo. Manomin da ya san cewa alƙalamin wannan mutum ne ke sa shi a jerin masu samun taki ba zai yi ciniki da shi kamar yadda zai yi da baƙon dillali ba. Zai sallama da wuri, ya yi murmushi, ya koma gida yana ƙunar zuci. Wannan shi ne abin da sakin layi na 1 ya hana: ma'aikaci ya sa kansa a inda buƙatarsa ta ƙashin kansa za ta ci karo da aikin da aka damƙa masa. Lura da lafazin. Ba a ce sai ya cuci wani ba. Shiga wannan matsayin kaɗai ya isa.

Mataki na uku shi ne wanda ke kai mutum kurkuku. Ƙaramar hukuma za ta sayi injinan ban ruwa guda 40 ta raba wa manoma. Malam Wane ne ya rubuta irin injin da ake so da ƙarfinsa. Ya sa ƙanensa ya yi rajistar kamfani, ya ba shi jari, kamfanin ya sami kwangilar a kan naira 180,000 kowane inji, jimla miliyan 7 da dubu 200, alhali a kasuwa 140,000 ne. Bambancin naira miliyan 1 da dubu 600 ke nan. Da kayan suka iso, shi ne kuma ya sa hannu cewa sun cika kuma masu kyau ne. Tuwona maina.

Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shekarar 2000 tana da sashe biyu da ke jiran irin wannan. Sashe na 12 ya ce ma'aikacin da ya san yana da wata moriya ta kansa, kai tsaye ko ta bayan fage, a kwangilar da ta fito daga ofishin da yake aiki, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 ne. An ware wanda moriyarsa ta hanyar hannun jari ce a kamfani mai rajista da ke da masu hannun jari fiye da 20. Sashe na 19 kuma ya ce wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa wata fifiko ta rashin adalci, shekara 5 ce ba zaɓin tara. Abin da mutane ba su cika fahimta ba shi ne, ko da Malam Wane ya kawo injinan a kan farashin kasuwa, ko ma ƙasa da shi, sashe na 12 bai sake shi ba. Laifin shi ne kasancewarsa mai saye kuma mai sayarwa a ciniki ɗaya.

Ni da sunan maiɗakina na yi rajistar kamfanin. Ai na fita, ko?

Ba ka fita ba. Waɗanda suka rubuta kundin sun san wannan dabarar tun kafin a ɗauke mu aiki. Sakin layi na 13 ya ce duk abin da aka hana ma'aikaci, in ya yi shi ta hannun wakili ko wanda ya riƙe masa amana, daidai yake da shi ya yi da hannunsa.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Matar ma'aikaci mutum ce mai cin gashin kanta, tana da 'yancin yin sana'arta, haka ƙanensa da ɗansa. In Hajiya ita ke sayar da atamfofi da jarinta, ita ta san masu bin ta bashi da waɗanda take bi, wannan nata ne, ba ruwan ofishinka. Mai bincike ba ya tsayawa kan sunan da ke takarda, tambayoyi yake yi masu sauƙi. Lambar wayar wa aka sa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC? Wa banki ke turo wa saƙo idan kuɗi ya shiga? Bayan an biya kuɗin kwangila, asusun wa suka koma cikin kwana biyu? Sannan a kira Hajiya a tambaye ta nawa ta sayi injin ban ruwa ɗaya kuma a wace kasuwa. Na taɓa zama a wani kwamiti inda aka yi wa wata baiwar Allah irin wannan tambaya, ta waiga tana kallon mijinta. Daga nan ba wanda ya ƙara tambayar komai. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ita aka jawo wa wulaƙanci a kan abin da ba ta ci ko kwabo ba.

Ƙanena ɗan kwangila ne na gaske, tun kafin in sami wannan kujera. Sai ya daina neman aiki a ma'aikatarmu saboda ni?

Ba dole ba ne, matuƙar ba ka da rabo a kamfanin. Kai ne za ka janye. Da zarar ka ga sunan kamfaninsa cikin masu nema, rubuta wa shugabanka takarda a ranar, kafin a buɗe ambulan. Ka faɗi sunan kamfanin, da dangantakarku, da cewa ba ka da hannun jari a ciki, sannan ka nemi a cire ka daga duk abin da ya shafi wannan aikin: tsara bukatun, tantance masu nema, duba kaya, da sa hannu a takardar biya. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kofinka, ka kai shi gida ka adana. In zaman kwamiti ne, ka faɗa da baki, a rubuta a bayanan taro, ka tashi ka fita. Zama a ɗakin kana shiru bai wadatar ba, domin ƙananan ma'aikata suna kallon fuskarka kafin su ba da maki.

Abu ɗaya da janyewa ba ta wankewa: in ka riga ka gaya masa a gida nawa aka ware wa aikin, ka riga ka yi ɓarnar.

Malam, ni malamar makarantar gwamnati ce. Ina sayar da turaren wuta da zannuwan gado, abokan aikina ne masu saye. Ni ma na shiga ciki?

In za a bi lafazin doka, kin shiga, tunda ciniki ne. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya ma sun ambaci tallar kaya a harabar ofis cikin rashin ɗa'a, tare da yin kasuwanci ba da izini ba. Gaskiyar magana dai, da wuya ki ji an kai wata kotun ɗa'a a kan turaren wuta. Inda ake samun matsala shi ne idan ɗakin malamai ya koma kanti ana cikin lokacin darasi, ko rigimar bashi ta hana mutum biyu gaisawa, ko kuma mai sayarwar ita ce shugabar makaranta. Ƙaramar malama da shugabarta ta miƙo wa zanin gado ta ce a biya ƙarshen wata, ba ta da bakin cewa ba ta so. Shawarata, Malama, ki bar kayan a gida, ki danƙa wa wani cinikin, kada kuma ki sayar wa duk wanda ke ƙarƙashinki ko iyayen ɗaliban da kike ba maki.

Ina yi wa mutane aikin kwamfuta da dare, zanen kati da tsara takardu, wani lokaci har ƙungiyoyi na ba ni aikin bincike. Wannan ai ba shago ba ne.

Ba shago ba ne, amma kundin ya haɗa har da sana'ar ilimi, ba fatauci kaɗai ba. Aikin sa-kai da ba a biya, ko lacca ɗaya da aka gayyace ka aka ba ka kuɗin mota, ba su kai gudanar da sana'a ba. Wanda ke da kwastomomi da farashi da asusun karɓar kuɗi kuwa, sana'a yake yi ko da a kan katifarsa yake yinta.

Mafita ta gaskiya ga mai irin wannan ƙwarewa ita ce ya bi ta ofis. Manyan makarantu da yawa suna da sashen da ke karɓar ayyukan waje da sunan makaranta, a raba kuɗin bisa ƙa'ida. In babu wannan, nemi izini a rubuce kafin ka karɓi aikin, kana bayyana wanda ya ba ka, da tsawon lokacinsa, da cewa ba ya hulɗa da ofishinka. Ka sani dai, izinin darakta yana kare ka daga takardar tuhuma a cikin gida, amma darakta ba shi da ikon halatta abin da kundin ƙasa ya hana. Wanda ya tsira sarai shi ne wanda ba a ɗauke shi cikakken lokaci ba, kamar malamin da ke zuwa koyar da darasi ɗaya ko biyu a mako. Shi an ware shi a fili.

Kuma komai izinin da kake da shi, bayanan ofis ba naka ba ne. Ma'aikacin da ya ɗauki jerin sunayen manoma ko na marasa lafiya daga kwamfutar ofis ya yi wa wata ƙungiya rahoto da su ya shiga wani laifin dabam.

Zan iya riƙe aikin jiha da na tarayya a lokaci ɗaya?

A'a. Wannan a sakin layi na 2 ɗin nan yake, shi ne ma farkonsa: ba a karɓar albashin kujerun gwamnati biyu a lokaci guda. Shi ne kuma mafi saurin tonuwa yanzu, tunda duk albashin yana bi ta lambar BVN ɗaya. Wanda ya sami sabon aiki ya nemi sauyin wurin aiki a hukumance, ko ya ajiye na farkon.

Manoma kan kawo mini buhun shinkafa bayan girbi don jin daɗin aikina. Ban roƙa ba. In mayar?

Kundin ya yarda da kyauta daga dangi da abokai na ƙut da ƙut, gwargwadon abin da al'ada ta sani, kamar gudummawar biki ko suna. Ya kuma ce abin da ya fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati za a ɗauke shi a matsayin saɓa ƙa'ida har sai ka tabbatar da akasin haka. Manomin da ke jiran sunansa a jerin taki ba abokinka ba ne a wannan ma'anar.

Mu nan ba ma buƙatar lauya ya koya mana wannan. Kowa ya ji hadisin mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai aka ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Gwada kanka da wannan. In an yi maka sauyin aiki zuwa wani sashe, buhun zai biyo ka? Na san mayar da kyauta abu ne mai nauyi a wurinmu, musamman daga dattijo. Kana iya cewa, "Baba, na gode, Allah ya ƙara albarka, amma aiki ya hana ni, in kana so sai dai in saya." Sau ɗaya za ka sha wannan kunyar, labarin zai zaga garin da kansa.

Ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne, a kamfani nake. Waɗannan dokokin sun shafe ni?

Jadawali na Biyar bai shafe ka ba, sai in gwamnati ce ke da rinjayen hannun jari a kamfanin. Naka alƙalin shi ne takardar ɗaukar aikinka da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Ɗauko su ka karanta, domin mafi yawan mutane shafin albashi kawai suke dubawa su sa hannu. Wasu wuraren sun hana kowane aikin waje, wasu sun ce sai da izini, wasu gasa da su kawai suka hana. Bankuna da ƙungiyoyin agaji sun fi kowa tsanani, da yawansu kan ba da fom a cike duk shekara, mutum ya bayyana kasuwancinsa da na danginsa na kusa.

Ko takardar ba ta ce komai ba, akwai amanar da ke kan duk mai karɓar albashi. Makanikin kamfanin sayar da injinan noma da ke raɗa wa kwastoma cewa ya same shi a gida da yamma zai yi masa rabin kuɗi, ya ci amanar. Ma'aikacin ƙungiyar agaji da ya ba ƙungiyarsa hayar motarsa da sunan abokinsa, haka. Ma'aikacin banki mai rumfunan POS da ke ware wa yaransa tsabar kuɗi ranar da jama'a ke layi, shi ma haka. Amma akawun kamfanin shinkafa da ke ɗinki ranar Lahadi da kekensa, in takardarsa ba ta hana ba, ban ga abin kama shi ba.

Abin da na lura da shi a irin waɗannan wurare, ba kasafai ake korar mutum don yana da sana'a ba. An fi korarsa don ya rubuta "babu" a fom alhali akwai. In aka sallame ka kana ganin an zalunce ka, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron ƙarar.

Me zai faru idan aka kai ƙarata?

Hanya uku ce, kuma ɗaya ba ta hana ɗaya. Ta farko ta cikin gida: takardar tuhuma, ka ba da amsa a rubuce cikin wa'adin da aka sa, kwamitin ladabtarwa ya zauna, hukunci ya fito daga gargaɗi har zuwa kora. Kada ka ƙi amsa takardar, kada kuma ka yi ƙarya a ciki, domin ita za a riƙa ɗaukowa a kowane mataki na gaba.

Ta biyu ita ce Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wato CCB, wadda ke karɓar ƙorafi ta bincika, in ta ga da hujja ta miƙa wa Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Wannan kotun na iya raba mutum da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙamin gwamnati har tsawon da bai wuce shekara 10 ba, ta kuma ƙwace dukiyar da ya samu ta hanyar cin amanar ofis. Ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ta uku ita ce shari'ar laifi a babbar kotu, irin ta sassan dokar ICPC da na ambata.

Masu rubuta ƙorafin kuwa ba baƙi ba ne. Ɗan kwangilar da ya rasa aikin ne, ko abokin aikin da kuke neman kujera ɗaya, ko yaron shagon da aka kora ba a biya shi ba.

In noma kaɗai nake yi, akwai abin da ya rage mini?

Akwai, kuma shi manoman cikinmu suka fi sakaci da shi: fom ɗin bayyana kadara. Ana cike shi lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin aiki, kuma ya haɗa da kadarar mata ko miji da ta 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba kuma ba su yi aure ba. Gona kadara ce, garke kadara ne, tarakta ma haka. Kundin ya ce dukiyar da ta ƙaru bayan ka cike fom, wadda ba a iya danganta ta da halastaccen samu ko kyauta ko rancen da ƙa'ida ta yarda da shi, za a ɗauka ta haramtacciyar hanya ta zo har sai ka nuna ba haka ba ne.

Ka ga ke nan ma'aikacin da ke mataki na 9 ya gina gida a Birnin Kebbi ya kuma biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka, cewa "noma nake yi" ba za ta ishe shi ba. Kowa haka yake cewa, har wanda bai san hanyar fadama ba. Sayi littafi mai kauri ka riƙa rubuta kowace kaka: kadada nawa, taki buhu nawa, man inji nawa, leburori nawa, buhu nawa aka samu, wa ya saya kuma a nawa. Ka roƙi dillali ya biya ka ta banki, a asusun da ka ware wa gona, ba wanda albashi ke shiga ba. In gonar aro ce ko haya, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu.